Tsakuren kundi na kalma 480, taro ya ce 250: me za a bari, me za a yar?

*Malam, ina wuni. Na yi sutanans na mastar a nan Damagaram, kundina kan ruwan sha ne a unguwannin gefen gari: inda mutane ke samo shi, abin da suke kashewa, da kuma ingancinsa daga pampo har randa. Tsakuren kundin kalma 480 ne. Yanzu akwai taron ƙara wa juna sani da nake son turawa, sun ce kada ya wuce kalma 250. Kwana uku ina yankewa, na tsaya a 340, kuma duk abin da na taɓa sai in ga kamar shi ne ran aikin. Ta ina zan ɓullo?*

Lafiya lau, ƴata, Allah ya sa albarka a karatun. Ki rufe wancan fayil ɗin mai kalma 340, ki buɗe sabon shafi fari. In kika ci gaba da tsinke kalma ɗaya nan, biyu can, za ki iya kai shi 250, amma abin da zai rage miki shi ne ƙashin kundin gaba ɗaya babu tsoka ko kaɗan: manufa uku, hanyar bincike uku, sakamako uku, kowanne an taɓa shi an wuce. Na karanta irinsa da yawa a kwamitin tantancewa, kuma su ne suka fi saurin fita daga kai.

Dalili shi ne takardun biyu ba mutum ɗaya suke yi wa magana ba. Tsakuren kundi, wanda a jami'a muke kira rezume, an rubuta shi ne don ƴan juri da kuma wanda zai ɗauki kundin a laburare nan da shekara goma. Aikinsa ya nuna duk abin da ke cikin kundin, babi bayan babi, don a san kin cika alkawarin da kika ɗauka a gabatarwa. Shi ya sa ma ƙa'idar ISO 214 ta 1976 ta ba dogayen takardu irin su kundi damar kaiwa kusan kalma 500, ta ce maƙala kuwa ƙasa da 250 ya wadatar. Kin ga 480 ɗinki ba laifi ba ne a wurinsa. Shi kuwa tsakuren taro roƙon wuri ne. Kina cewa a ba ki minti 15 ko 20 a gaban mutane, kuma wanda zai yanke hukunci malami ne da aka tara wa takardu goma-goma ya karanta bayan ya gama darasi, ba ya da kundinki a gabansa, ba zai kuma nema ba. Tambaya ɗaya ce a ransa: wannan baiwar Allah me ta gano, kuma ya isa a zauna a saurara?

Minti 15 ba ya ɗaukar manufa uku. Saboda haka aikin farko, wanda ya fi kowane zafi, shi ne zaɓe.

Kin ce kundinki ƙafa uku gare shi: mafarin ruwan, kuɗinsa, da ingancinsa. Ki ɗauki takarda ki rubuta wa kowanne jimla guda wadda ta fara da "na gano cewa", ki ƙarasa ta da adadi. Sannan ki yi wa kowace jimla tambaya biyu. Ta farko: in na faɗi wannan a gaban mutumin da ya yi shekara ashirin a Garin Malam ko Kara-Kara, zai ce "ai mun sani", ko zai gyara zama? Cewa gidajen gefen gari suna sayen ruwa wurin ƴan ga-ruwa, kowane yaro ya sani. Cewa jarka tana tsada a watan Afrilu, duk matar gida za ta faɗa miki farashin da dala-dala ba tare da ta buɗe kundi ba. Amma a ce ruwan yana fita pampo da tsabta sai ya lalace a hanya da cikin gida, a kuma nuna a wane mataki da lambobi, wannan ba a ganinsa da ido, sai an kai labo. Tambaya ta biyu: a wanne cikin jigogin taron wannan jimla za ta zauna? Ki koma kan takardar kiran, ki karanta jigogin da suka jera. In akwai jigon ruwa da lafiya, ingancin ne naki. In taron na masana tattalin arziki ne ko na tsara birane, to babin kuɗi ne zai shiga gaba, ingancin ya jira wani taro. Kundi ɗaya yana iya haifar tsakure biyu ko uku, kowanne da ƙofar da zai ƙwanƙwasa, muddin ba abu ɗaya kika tura wa wurare biyu ba.

Na san abin da ke miki ciwo a nan. Babin kuɗi wataƙila shi ya fi cin ƙafarki, gida-gida cikin rana kina cike takardun tambayoyi. Ba a yar da shi ba, yana nan cikin kundin, zai kuma yi ranarsa. Amma yawan wahalar da babi ya ba ki ba ya cikin abin da mai tantancewa ke aunawa.

Bari mu ɗauka ingancin kika zaɓa, mu yi aikin tare. Ba ki turo mini lambobinki ba, don haka duk adadin da za ki gani a ƙasa na misali ne, ni na sa su don a ga yadda ginin yake. Ki cire su ki sa naki. Kuma na san da Faransanci za ki rubuta, ni kuwa da Hausa zan nuna, domin rabon kalmomi da tsarin tunanin duka ɗaya ne.

Kafin ki rubuta jimla ko ɗaya, ki yi kasafi kamar mai shirin cefane da kuɗi ƙidayayyu. Ni nakan ajiye kalma 15 zuwa 20 a gefe ban taɓa su ba, zan faɗa miki dalili nan gaba. Sauran 230 ɗin nakan raba su haka: kamar 60 ga matsala da tambaya, kamar 50 ga yadda aka yi aikin, 80 zuwa 90 ga sakamako, abin da ya rage ga ma'anarsa da iyakarsa. Babban rabo na sakamako ne. Ki duba tsohon tsakurenki da wannan ma'auni, ina kyautata zaton za ki tarar shimfiɗa ta cinye kusan rabi, sakamako kuma ya samu layi uku a ƙarshe. Kuma ki fara rubutu daga sakamakon, ba daga sama ba. In sakamako ya zauna, shi zai gaya miki wace hanyar bincike ce dole a ambata, da wace shimfiɗa ce mai karatu ke bukata don ya fahimce shi. Duk abin da sakamakon bai kira ba, ba ya da kujera.

Ga yadda zai iya fitowa.

Take: Daga pampo zuwa randa: inda ruwan sha ke gurɓata a unguwannin gefen Damagaram

"Birnin Damagaram na zaune kan dutse, kuma ruwansa daga nesa ake janyo shi, shi ya sa gidaje da yawa na gefen gari suke sayen ruwa daga ƴan ga-ruwa su ajiye a randa. Ana auna ingancin ruwa a bakin pampo, amma ba a nan ake shan sa ba. Wannan bincike ya tambaya: a wane mataki, tsakanin pampo da moda, ruwan ke gurɓata? Daga Maris zuwa Mayu mun ɗebi ruwa a pampo 24, jarkokin ƴan ga-ruwa 36 da mazuban gidaje 120 a unguwanni uku, muka nemi E. coli ta hanyar tacewa da matata mai ƙananan ƙofofi, muka kuma auna ragowar kulorin. An zaɓi gidajen ta ƙuri'a, 40 a kowace unguwa. An samu E. coli a pampo 2 cikin 24 (8%), a jarka 14 cikin 36 (39%), da kuma gida 85 cikin 120 (71%). A gidajen da ke ɗiba da moda daga randa mai faɗin baki, 69 cikin 80 (86%) suka gurɓata. A masu tsiyayowa daga mazubi mai ƙaramin baki, 16 cikin 40 (40%). Ragowar kulorin ta gaza miligiram 0,2 a lita a gida 97 cikin 120. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada a samu E. coli ko ɗaya a mililita 100 na ruwan sha. Ke nan gurɓatar ta fi yawa bayan ruwa ya bar pampo, kuma aunawa a pampo kaɗai na ɓoye ta. Binciken na bazara ne kawai, bai kuma auna rashin lafiya ba. Muna ba da shawarar a gwada sauya mazubi."

Kalma 231 ke nan, ban da take. Matsala da tambaya sun ci 61, hanyar bincike 47, sakamako da ma'auninsa 85, rufewa 38.

Yanzu mu duba abin da ya fita, don a nan darasin yake. Ban ga tsakurenki ba, amma na duba isassun kundaye a garin nan da zan iya kintatar buɗewarsa. Za a fara da cewa ruwa shi ne rayuwa. Sai a ambaci manufa ta 6 cikin muradun ci gaba mai ɗorewa. Sai a ce Damagaram ce babban birnin ƙasa har zuwa 1926, a kawo adadin jama'a na ƙidayar 2012, a jera Gogo da Arunguza da Ganaram inda ake janyo ruwan. Duk gaskiya ne, kuma a babin farko na kundi suna da muhalli. A nan kuwa jimla ɗaya ta ɗauke nauyinsu duka: gari kan dutse, ruwa daga nesa, saboda haka ana saye ana ajiyewa. Mai karatun da ke Dakar ko Wagadugu, wanda bai taɓa ganin duwatsun Birni ba, abin da yake bukata ke nan ya gane me ya sa randa take da muhimmanci a garinmu. Shekarar 1926 ba ta taimaka masa ya fahimci kashi 71 ba, don haka ta fita. Wannan shi ne gwajin da za ki yi wa kowace jimlar shimfiɗa: in na cire ta, akwai adadin da zai rasa ma'ana? In babu, ki cire.

Jimla ta biyu ƙarama ce, kalma 15, amma ita ce ginshiƙin. Ita ke nuna giɓin: ana aunawa a wuri kaza, ana sha a wuri kaza. Ɗalibai sukan rubuta "ba a yi bincike sosai kan wannan fanni ba", wanda kowa ke iya faɗa kan kowane fanni, kuma mai tantancewa da ya san aiki biyu ko uku da aka yi a kai zai ɗaure fuska nan take. Ki faɗi takamaiman abin da ba a duba ba, ya fi tsaro ya kuma fi ƙarfi.

Sai jimlar manufa. A kundaye takan zo kamar haka: "Babban maƙasudin wannan bincike shi ne ya ba da gudummawa wajen samun kyakkyawar fahimta game da matsalar ingancin ruwan sha a birnin Damagaram." Kalma 23, kuma bayan an karanta ba a san me aka tambaya ba. Wadda na sa a madadinta kalma 14 ce, ta kuma ɗaure ni da alkawari: dole sakamako ya ambaci matakai, ya nuna wanne ya fi. Irin wannan ɗaurin alheri ne, domin mai tantancewa yana duba ko tambayar da ke sama ita ce aka amsa a ƙasa. In suka saɓa, ko da kowanne na da kyau shi kaɗai, maki zai sauka.

A hanyar bincike, abu huɗu nake riƙewa: yaushe, ina, nawa, da me aka auna. Sunan manhajar da kika yi lissafi da ita ya fita. Tambarin na'urar labo ya fita. Binciken laburare da ziyarar neman izini wurin mai unguwa, duk da ba don su ba da aikin bai yiwu ba, sun fita. Amma ki lura na kashe kalma 9 a kan yadda aka zaɓi gidajen. Ba almubazzaranci ba ne. Duk wanda ya san aikin fili, da ya ga 71% abin da zai fara zuwa masa shi ne: waɗanne gidaje ne, ko waɗanda suka fi ƙazanta aka bi? Kalma tara sun rufe wannan ƙofa. In kuwa ba ta ƙuri'a kika zaɓa ba, ki faɗi yadda kika yi da gaskiya, kada ki ari kalmar don ta fi daɗin ji. Haka ma watannin. Ruwan Afrilu ba shi ne ruwan Agusta ba, kuma mai karatu na da haƙƙin ya san wanne kika auna.

Wajen sakamako akwai ɗabi'ar da nake so ki yaƙa. "Sakamakon da aka samu daga binciken da aka gudanar ya nuna cewa": kalma 12 kafin a faɗi komai. Faransanci ya fi Hausa son irin wannan gaisuwar, za ki same ta a bakin kusan kowace jimla ta tsohon tsakurenki. Ki shiga kai tsaye: an samu kaza a kaza. Da wannan kaɗai kina iya tsirar da kalma 30 ko 40. Ki kuma nemi wuraren da aka mayar da aiki suna, irin "an gudanar da aikin ɗibar samfura" maimakon "mun ɗebi ruwa", da tagwayen kalmomi masu ma'ana ɗaya da muka saba jerawa don ado. Mafi muni duka ita ce jimlar nan ta "za a gabatar da sakamakon a tattauna shi a wurin taro". Ke kin riga kin yi sutanans, sakamakonki na hannu. Wanda ya rubuta haka yana gaya wa kwamiti ko dai bai gama ba, ko bai samu komai ba.

Amma yankewa tana da haɗarinta, kuma a nan nake so ki fi buɗe ido, domin matsin kalmomi yana sa mutumin kirki ya faɗi abin da bai gano ba, ba tare da ya yi niyyar ƙarya ba. Ta hanya uku abin yake shigowa.

Ta farko ita ce zubar da adadin da aka ƙirga daga cikinsa. "Pampo 2 cikin 24 (8%)" ya fi "8% na pampo" tsawo, sai hannu ya kai ga gajeren. To amma kashi 8 na 24 pampo biyu ne rak. Da guda ɗaya ya ƙaru, ya zama kashi 12 da rabi. Mai karatu yana bukatar ya ga ƙanƙantar samfurin don ya san nauyin da zai ɗora wa adadin. In dole sai ɗaya ya fita, ki cire kason, ki bar "2 cikin 24". Kowa zai iya raba biyu da ashirin da huɗu, amma ba wanda zai iya ciro 24 daga 8%.

Ta biyu ita ce mayar da tafiya tare ta zama sanadi. A kundi kin rubuta, ina zato, cewa an fi samun gurɓata a gidajen da ke ɗiba da moda. Idan aka matse sai ta koma "moda ce ke gurɓata ruwa". Gajeriya ce, tana da kaifi, amma ba ita kika gano ba. Kin shiga kowane gida sau ɗaya kin ɗebi ruwa. Ba ki raba wa wasu sabon mazubi kin hana wasu kin dawo kin gwada ba. Ta yiwu gidajen da ke da mazubi mai ƙaramin baki su ne kuma masu sabulu a bakin bayan gida, ko masu saye kullum ba sa kwanar da ruwa. Shi ya sa a misalin na ce "a gwada sauya mazubi", ban ce a sauya ba. Kalmar "gwada" guda ɗaya ce, ita ce kuma ta tsayar da ni inda hujjata ta tsaya. Haka nan E. coli alama ce ta cewa najasa ta taɓa ruwan. Ba ki ƙirga yara masu gudawa ba, don haka kalmar cuta kada ta shigo take ko rufewa.

Ta uku ita ce faɗaɗa wuri. Unguwanni uku su zama "Damagaram", Damagaram ta zama "biranen Nijar", wani lokaci har "yankin Sahel", don kawai gajeren suna ya fi arha. Jimlar kusa da ta ƙarshe a misalin, wadda ta faɗi iyakar aikin, ɗalibai ita suke fara yankewa, suna ganin tona asirin kai ne. Ni a kujerar tantancewa ita ke sa in yarda da sauran lambobin. Hanyar gane ko kin zame mai sauƙi ce: ki buɗe kundin a babin sakamako, ki aza yatsa kan teburin da kowace jimla ta tsakuren ta fito. Jimlar da yatsanki bai samu wurin sauka ba, ta fi ƙarfin hujjarki, ki sassauta ta.

Mu koma kan kalma 15 zuwa 20 da na ce a ajiye. Iyakar 250 ba kullum take nufin abu ɗaya ba. Wasu tarukan jikin tsakuren kaɗai suke ƙirgawa, wasu har da take, wasu har da muhimman kalmomi da sunayen marubuta. Taken misalinmu kalma 13 ne. 231 da 13 sun ba da 244, har yanzu muna ciki. Sannan na'ura ba ta san kalma ba, abin da ke tsakanin sarari biyu take ƙirgawa. "E. coli" biyu ne a wurinta, "ga-ruwa" ɗaya. A rubutun Faransanci ana barin sarari kafin alamar kaso da kafin ɗigo biyu, sai `8 %` ya zama kalma biyu a akwatuna da yawa, alhali `8%` ɗaya ne. Misalinmu na da kaso biyar, kin ga 244 ta koma 249 ba a ƙara ma'ana ko ɗaya ba. In aka ce har da muhimman kalmomi biyar, mun ƙetare. A nan jimlar da zan sadaukar ita ce ta Hukumar Lafiya ta Duniya, kalma 19, in taron na masana ruwa ne, tunda duk sun san ƙa'idar. In na haɗaka ne, mai masana ƙasa da na zamantakewa, sai in bar ta in cire ta kulorin, don ba tare da ma'aunin ba wanda ba ɗan fannin ba ba zai san ko 71% abin tashin hankali ba ne.

Ki kuma tabbatar kalmomi suka ce ba haruffa ba. Tarukan Faransanci da yawa da haruffa suke ƙayyadewa, har da sarari ko ban da shi, kuma bambancin ba kaɗan ba ne, tunda kusan kowace kalma na jan sarari guda. A Word ki shiga `Révision`, ki danna `Statistiques`, za ki ga `Mots`, da `Caractères (espaces compris)`, da `Caractères (espaces non compris)`. Ki zaɓi sakin layin tsakuren kaɗai kafin ki danna, in ba haka ba duk shafin zai ƙirga. Amma alƙali na ƙarshe shi ne akwatin da za ki liƙa rubutun a ciki, ko a Sciencesconf ne ko EasyChair ko fom ɗin da masu taron suka yi da kansu. Wani akwatin yakan ƙi karɓa in an wuce, wannan mai sauƙi ne. Wani kuwa karɓa yake yi ya datse wutsiyar shiru.

Wannan na gan shi da idona. Wani ɗalibina ya tura nasa a daren ranar ƙarshe, wuta ta ɗauke, yana aiki da ragowar cajin kwamfuta da intanet ɗin waya. Ya liƙa, ya danna, ya ga an ce an karɓa, ya kwanta. Bayan makonni amsa ta zo ba a ɗauke shi ba, da ɗan sharhi cewa aikin ba ya da kammalawa. Ya zo ofis da takardar tabbaci da ya buga, muka shimfiɗa ta kan tebur, na bi da jan biro layi-layi. Rubutun ya tsaya a tsakiyar jimla, daidai kan "wanda ke nuna cewa". Layi biyu na ƙarshe, inda duk ma'anar aikin take, ba su taɓa isa gaban kwamitin ba. Ya yi shiru yana kallon wurin, ni ma ban samu abin cewa ba, don aikin mai kyau ne. Tun daga ranar duk ɗalibin da zai tura, sai ya tura da sauran kwana biyu, ya buɗe abin da ya shiga ya karanta jimlar ƙarshe da babbar murya. Ki duba har da lambobi da alamomi, domin rubutun gicciye na sunan ƙwayar cuta da ƙananan lambobi na sama sukan ɓace wajen liƙawa.

Take kuma kada ki ɗauko na kundin. Taken kundi yakan fara da "Nazari a kan" ko "Gudummawa ga", ya ƙare da sunan jiha, yana rufe manufofin nan uku. Tunda ƙafa ɗaya kika zaɓa, taken ya faɗi ita. A littafin shirin taro take kaɗai mutane ke gani su yanke shawarar ɗakin da za su shiga. Muhimman kalmomi kuwa ki sa waɗanda ba su cikin taken, kamar E. coli da kulorin da ƴan ga-ruwa, don kada ki biya kuɗin kalma ɗaya sau biyu. Gajerun sunaye na haruffa ki guje su, sai wanda zai dawo sau uku ko fiye. Fassara shi a farko takan ci fiye da abin da ya tanada. Ambaton marubuta da shekaru ma ki bar shi, sai in takardar kiran ta nema.

In kin gama, ki ba wata ƙawarki da ba fanninku ɗaya ba, ƴar lissafi ko ƴar tarihi a nan Jami'ar André Salifou, ta karanta sau ɗaya, ki karɓe takardar, ki ce ta faɗa miki abin da kika gano. In ta ce "ruwan yana lalacewa ne bayan ya bar pampo, musamman a randa", ya yi. In ta ce "kan matsalar ruwa ne a Damagaram", sakamakon bai fito ba tukuna, ki koma ki rage sama ki ƙara ƙasa.

Sannan kafin ki danna turawa, ki kai wa malamin da ya duba kundinki ya gani. Sunansa zai shiga cikin marubuta a mafi yawan fannonin kimiyya, kuma ba a sa sunan mutum kan abin da bai karanta ba; in labon da ya yi miki gwajin yana da hannu a aikin, ki tambaye shi yadda za a jera sunayen. Ki kuma duba ko taron na ɓoye sunan marubuci ga masu tantancewa. In haka ne, sunanki da na jami'a a nasu akwatin za su shiga, kada su bayyana a jikin tsakuren, har da irin "a kundinmu na mastar". Ki sa lambobinki a gurbin nawa, ki ƙirga, in ya tsaya tsakanin 230 da 240 ki kawo mini shi ofis mu bi shi da biro tare.